Intanet ɗin gida ya yi nauyi, mai dubawa yana nesa: me za a tura masa?

*Assalamu alaikum. Muna da rawuta mai amfani da layin waya a gidanmu a Zariya. Kusan wata guda ke nan intanet ɗin ya yi nauyi, musamman da dare, har karatun da nake bi ta bidiyo yana yankewa a ɗakina. Ƙanena da ke Legas ya san harkar, amma wanda ya haɗa mana na'urar ya canza kalmar sirrin shiga cikinta, kuma mun daina samunsa a waya. Ƙanen nawa ya ce in turo masa bayani da hotuna, ni kuwa ban san me zan ɗauka ba. Don Allah a ba ni shawara.*

*Maman Hanif, Zariya*

Wa alaikumus salam, Maman Hanif. Ki kwantar da hankalinki, domin mafi yawan abin da ƙanenki yake buƙatar sani ana iya ganinsa daga waje, da wayar da ke hannunki. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, intanet yana bin zango biyu kafin ya iso gare ki. Zango na farko daga ƙarfen sabis na unguwa zuwa rawuta, na biyu daga rawuta zuwa wayarki ta waifai. Sai kuma mutanen da kuke raba abin da ya shigo da su. Kamar ruwan famfo ne: idan ya yi rauni a banɗaki, ko dai bai zo da ƙarfi daga waje ba, ko bututun cikin gida ne ya toshe, ko kuma an buɗe wasu famfunan a lokaci guda. Duk hoton da za ki ɗauka, amfaninsa shi ne ya nuna wanne ne daga cikin ukun nan. Hoton da bai taimaka wajen rarrabe su ba, ɓata data ne kawai.

Ki fara da na'urar kanta. Ki juya ta, za ki ga takarda manne a ƙasanta ko a bayanta. A nan aka rubuta sunan kamfanin da ya ƙera ta da lambar samfurinta, kuma wannan lambar ita ce abu na farko da ƙanenki zai nema. Da ita zai san ko na'urar 4G ce ko 5G, ko tana da waifai iri biyu ko ɗaya, iyakar saurin da za ta iya, da ma'anar kalar kowace fitila, domin shuɗi a wata na'urar ba shi ne shuɗi a wata ba. Ki ɗauki hoton a wuri mai haske, ki matso har ƙananan rubutun su karantu. Amma kafin ki ɗauka, ki rufe layin kalmar sirri da ɗan yatsa ko guntun takarda, haka ma dogayen lambobin da ke gaban IMEI da SN. Ba don ƙanenki ba abin yarda ba ne. Irin wannan hoton yakan wuce daga hannu zuwa hannu idan ya nemi shawarar abokan aikinsa, kuma babu abin da waɗannan lambobin za su ƙara wajen gano matsalar.

Sai hoton bayan na'urar da duk wayoyinta a soke yadda suke kullum, kada ki cire komai don hoton ya yi kyau. Daga nan zai ga ko akwai mazaunin eriyar waje, ko akwai kebul da ya tafi wani ɗaki ko talabijin. Ki haɗa da hoton rubutun da ke jikin cajarta, wanda mutane suka fi mantawa da shi. Za ki ga wani abu kamar Output 12V 1A. Takardar rawutar ma tana faɗin wutar da take so. Idan an taɓa sauya cajar da wata da aka samu a gida, kuma ƙarfinta bai kai ba, na'urar za ta kunnu lafiya, amma da aiki ya yi yawa sai ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta. Mai gida ba zai lura ba, zai ce intanet ne yake yankewa.

Game da fitilun gaba, hoto bai isa ba, domin ƙiftawa ba ta fita a hoto. Ki ɗauki bidiyo na daƙiƙa talatin a daidai lokacin da abin ya yi nauyi, ki kuma ɗauki wani da safe lokacin da yake aiki. Zai duba yawan sandunan sabis, da ko kalar fitilar ta sauya tsakanin bidiyon biyu. A na'urori da dama sauyin kala yana nufin ta sauka daga 4G zuwa 3G, kuma wannan kaɗai ya isa ya mayar da bidiyo abin takaici.

Hoto na ƙarshe na wannan ɓangaren shi ne na wurin da take zaune. Ki ja baya ki ɗauko ɗakin gaba ɗaya yadda za a ga taga, bango, da abin da ke kewaye da ita. Rawutar da aka cusa bayan talabijin, ko cikin kabad, ko a ƙasa kusa da inbata, tana asarar sabis ta fuska biyu: ba ta jin ƙarfen sabis da kyau, kuma waifai ɗinta ba ya fita da kyau. Ki rubuta masa bango nawa ne tsakaninta da ɗakinki, na bulo ne ko na ƙasa, akwai ƙofar ƙarfe a tsakani ko babu, rufin gidan kwano ne ko kankare. Idan za ki iya, ki zana taswirar gidan a takarda ki sa alamar rawuta da ta inda kike zama. Ki kuma taɓa jikinta da rana. Yawancin irin waɗannan na'urorin an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, kuma ɗakin kwano a watan Afrilu yakan kai haka. Idan ta yi zafin da ba ki son barin hannunki a kai, ki gaya masa.

Yanzu sai awo, kuma nan ne nake so ki fi ba da ƙarfi. Ki buɗe fast.com a wayarki, zai fara auna saurin saukewa, wato na shigowar abu zuwa gare ki, da kansa. Idan ya gama, ki taɓa Show more info, sai ƙarin lambobi su fito: Upload, wato saurin tura abu daga gare ki, da Latency iri biyu, Unloaded da Loaded, wato jinkirin amsa lokacin da layin yake hutawa da lokacin da yake cike da aiki. Ki ɗauki hoton allon duka, yadda agogon da ke saman wayar zai fito. Kafin kowane gwaji ki kashe datar wayarki. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, saboda waya takan koma kan datarta a ɓoye idan waifai ya yi rauni, sai ki auna layin wayarki kina zaton rawuta kike aunawa. Idan kina da VPN a kunne, shi ma ki kashe. Kowane gwaji yana cin data gwargwadon saurin layin, a layi mai matsakaicin sauri zai iya cin megabait talatin zuwa hamsin, don haka kada ki yi ta maimaitawa ba dalili.

Gwaji ɗaya tak kusan ba ya faɗin komai. Abin da yake magana shi ne bambancin da ke tsakanin gwaje-gwaje, shi ya sa nake so ki yi su bibbiyu. Ki tsaya taku biyu daga rawuta ki auna, nan take ki tafi ɗakinki ki sake aunawa da wayar nan dai. Ki yi haka da sassafe bayan sallar asuba, lokacin da unguwa ba ta tashi ba, ki sake yi wajen ƙarfe tara na dare. Hotuna huɗu ke nan. A ƙarƙashin kowanne ki rubuta wuri da lokaci, da ko wutar NEPA ake amfani da ita ko janareta ko sola. Idan kika samu kwana biyu a jere kina yi, ya fi, domin dare ɗaya yana iya zama tsautsayi.

Akwai gwaji na biyar da zai ɗan buƙaci haƙurin mutanen gida. Da daren, bayan kin yi na kusa da rawuta, ki roƙi kowa ya kashe waifai ɗin wayarsa na minti biyar, a cire talabijin daga wuta, a rufe laftof, idan akwai kyamarar tsaro da ke kan waifai ita ma a cire. Sai ki sake aunawa a wuri ɗaya. Idan saurin ya tashi sosai, to abin da ke cinye shi yana cikin gida. Sau da yawa ba mai kallon bidiyo ba ne ma, waya ce take tura hotuna da bidiyoyinta zuwa ma'ajiyar intanet da kanta, ko laftof yana sauke sabuntawa. Alamar irin wannan ita ce lambar Loaded ta yi tashin gwauron zabi, daga sittin ko saba'in ta kai ɗari takwas ko sama da dubu. Idan kuwa an kashe komai saurin bai motsa ba, mutanen gida sun fita daga zargi.

Saura waɗanda ba a gani. Kalmar sirrin waifai takan fita ta hannun yara ko baƙi, kuma a gidajen da suka haɗa katanga maƙwabci yana iya kama sabis ɗin daga ɗakinsa. Ba sai an shiga rawuta ba kafin a ƙirga su. Akwai manhajar Fing, wadda take lissafo na'urorin da ke kan waifai ɗin da wayarki take kai. Sunayen ba lallai su fito daidai ba, saboda wayoyin zamani suna ɓoye lambarsu ta asali, amma adadin yana da amfani. Ki ƙirga na'urorin gidanku a takarda tukuna, ki tuna rawutar kanta tana cikin jerin, sannan ki kwatanta. Idan naku bakwai ne manhajar ta nuna goma sha uku, ki tura masa hoton.

Wayarki ma tana da abin faɗa game da zangon waifai. Idan Android ce, ki shiga Settings, ki shiga Wi-Fi, ki taɓa sunan waifai ɗin gidanku ko alamar da ke gefensa. Yawancin wayoyi za su nuna Signal strength, da Frequency, da Link speed. Ki ɗauki hoton wannan allon a kusa da rawuta da kuma a ɗakinki. Frequency zai nuna 2.4 GHz ko 5 GHz. Na farkon ya fi ratsa bango amma ya fi cunkoso da jinkiri, na biyun ya fi sauri amma bango biyu na bulo sun isa su karya shi. Link speed kuwa saurin da ke tsakanin waya da rawuta ne kawai, ba na intanet ba. A kusa da rawuta wayoyi da yawa sukan nuna 72 Mbps a kan 2.4 GHz, ko 433 Mbps a kan 5 GHz. Idan a ɗakinki ya faɗo zuwa 6 ko 13, waifai ɗin bai isa can da ƙarfi ba, kuma saurin da za ki samu a zahiri ƙasa yake da wannan lambar. Wayar iPhone ba ta nuna waɗannan a wurin, idan ita gare ki sai ki ari ta wani a gidan.

In akwai laftof mai Windows, akwai gwajin da ya fi duk waɗannan raba gardama. Ki danna alamar Windows ki rubuta cmd, ki buɗe baƙin allon da ya fito, ki rubuta wannan ki danna Enter:

```
ipconfig
```

Ki nemi layin Default Gateway. Lambar da ke gabansa ita ce adireshin rawutarku, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Sai ki rubuta waɗannan biyun ɗaya bayan ɗaya, ki sa lambar da kika gani a madadin ta layin farko:

```
ping -n 30 192.168.8.1
ping -n 30 8.8.8.8
```

Na farko yana aika ɗan saƙo sau talatin zuwa rawuta yana auna lokacin dawowarsa, na biyu yana aikawa har waje. Layukan ƙarshe kawai za ki ɗauka, inda aka rubuta Lost da Average. Zuwa rawuta ya kamata a ga ƙasa da 10ms, wato kashi goma cikin dubu na daƙiƙa, ba tare da saƙo ko ɗaya ya ɓata ba. Zuwa waje a kan 4G, daga 30ms zuwa 100ms ba abin damuwa ba ne. Idan na farkon ya yi tsalle zuwa ɗaruruwa ko saƙonni suna ɓata, matsalar tana cikin gida tun kafin a fita. Idan na farkon lafiya lau na biyun ne ya lalace, tana waje, ko kuma wani a gidan ya cika layin. Idan akwai kebul na intanet, ki haɗa laftof ɗin da rawuta kai tsaye ki maimaita fast.com, domin hakan yana cire waifai daga lissafi gaba ɗaya.

Bari mu ƙaddara kin yi duk wannan, mu ga yadda ƙanenki zai karanta shi. A ce da asuba kusa da rawuta kin samu 18 Mbps, turawa 7, a ɗakinki kuma 6 Mbps. Da ƙarfe tara na dare kusa da rawuta kin samu 1.5 Mbps, turawa 6, a ɗakinki 1.3. An kashe na'urorin kowa, ya tsaya a 1.6. Fitilun sabis ba su sauya ba tsakanin safe da dare. Zai fara cewa na'urar lafiyarta ƙalau, tunda ta kawo 18 da safe. Mutanen gida ba su ne ba, tunda kashe su bai ƙara komai ba. Da dare kusa da nesa duk ɗaya ne, ke nan ba waifai ne ya riƙe ba a lokacin. Saukewa ta faɗi warwas amma turawa tana nan, kuma sabis bai ragu ba. Wannan ita ce kamannin cunkoso a ƙarfen sabis: da dare unguwa duka tana kallon bidiyo, ana raba abin da ƙarfen yake da shi, kuma yawanci saukewa ake rububi a kai ba turawa ba. Sayen sabuwar rawuta iri ɗaya ba zai magance wannan ba. Abin da zai ce ki gwada shi ne layin wani kamfanin, ko a kai na'urar tagar wani gefen gidan ko Allah zai sa ta kama wani ƙarfen. Zai kuma lura da matsala ta biyu da ta ɓuya a ƙarƙashin ta farkon: daga 18 zuwa 6 da safe yana nuna ɗakinki yana asarar kashi biyu cikin uku, kuma ko an gyara ta dare wannan tana nan sai an matso da rawutar.

Da a ce lambobin sun zo wani iri, da hukuncin ya sauya. Idan safe da dare, kusa da nesa, duk suna tsayawa a lamba ɗaya cak, misali 0.5 ko 1 Mbps, kuma jinkirin amsa bai yi muni ba, to wannan ba cunkoso ba ne, domin cunkoso hawa da sauka yake yi. Ya fi kama da an rage saurin layin da gangan. Yawancin tsare-tsaren da ake kira marasa iyaka suna da adadin da idan aka wuce shi ake sauke saurin har ƙarshen wa'adin. Shi ya sa nake so ki haɗa da hoton saƙon sayen datar ko rasit ɗinta, inda sunan tsarin da ranar saye suka fito, da ragowar datar idan manhajar kamfanin tana nunawa. Ki kuma tuna ko nauyin yana farawa ne a wasu kwanaki na wata ya tafi da zarar an sabunta.

Tunda zargin ƙarfen sabis yana da ƙarfi a irin abin da kika faɗa, ki ƙara gwaji ɗaya mai sauƙi. Ki samo waya mai layin kamfani ɗaya da na rawutar, ki tsaya a gefenta da daren, ki kashe waifai ki auna da datar wayar. Sannan ki yi haka da waya mai layin wani kamfanin. Idan ta farkon ma ta yi nauyi ta biyun tana gudu, kin samar masa amsa da mafita a lokaci guda. Ki tambayi maƙwabta biyu ko uku masu irin layinku yadda nasu yake da dare, ki faɗa masa abin da suka ce.

Abin da hoto ba zai nuna ba sai ki rubuta shi a gajeren saƙo. Yaushe abin ya fara, kuma me ya sauya a wannan makon: an matsar da na'urar, an sayi sabon talabijin, an sauya caja, baƙi sun zo, an yi ruwa da iska mai ƙarfi, ko an fara wani dogon gini kusa da ku? Komai ne ya yi nauyi ko manhajar karatunki kaɗai? Wayarki kaɗai ko ta kowa? Idan waya ɗaya ce take wahala sauran suna lafiya a wuri ɗaya, a wayar za a duba. Ki faɗi kuma abin da yake faruwa idan an kashe rawutar na minti biyu an kunna: ba ta sauyawa, ko tana gyaruwa na awa ɗaya ta koma. Sai dai ki yi awonki tukuna kafin ki kashe, don kada ki share alamar da ake nema.

Wajen turawa, WhatsApp yana matse hoto har ƙananan rubutu su dushe. Hoton takardar rawuta da na caja ki tura su a matsayin Document, ko ki zaɓi HD. Ki jera su cikin tsari, kowanne da bayaninsa a rubuce a ƙasa, maimakon dogon saƙon murya da zai riƙa komawa baya yana neman wace lamba ce ta wane ɗaki.

Akwai ɗan rami a bayan na'urar da aka rubuta Reset. Wani zai iya ba ki shawarar ki soka tsinke ki riƙe don kalmar sirrin ta koma ta asali. Gaskiya ne tana komawa, amma sunan waifai da kalmar sirrinsa da duk saitin da mai haɗawar ya yi suna tafiya tare, kuma a wasu na'urorin intanet ba ya dawowa sai an sake shigar da saitin layin da hannu. Kada ki taɓa shi yanzu. Akwai lambobin ƙarfin sabis da ingancinsa da sai a ciki ake ganinsu, kuma idan ƙanenki ya ga lallai sai da su, shi zai ce a yi, a ranar da yake da lokacin zama da ke a waya, da hoton takardar nan a gabanki da datar wayarki a kunne.